Kwangila ɗaya, alkawura uku: tambayoyi da amsoshi kan rubuta kuɗin shiga bisa matakai biyar na IFRS 15

Tambayoyin nan duka a kan kwangila guda aka gina su, don haka sai a fara riƙe ta a kai. Lambobin na misali ne, ba na kuɗin wata ƙasa ba.

Wani kamfani mai ƙera injinan shirya kaya cikin kwali ya rattaba hannu da wani mai masana'anta ranar 1 ga Satumba, 2024. Zai kawo inji ɗaya, ya girka shi, sannan ya riƙa yi masa sabis na tsawon wata 24. A takardar kwangilar an rubuta inji 800,000, girkawa 100,000, sabis kuma "kyauta", jimla 900,000. Mai saye zai ba da kafin alƙalami 270,000 ranar sa hannu, 530,000 idan inji ya iso, 100,000 idan an gama girkawa. Akwai kuma tukuicin 10,000 idan aka kammala girkawa kafin Oktoba ya ƙare. Inji ya isa ranar 1 ga Oktoba, an gama girkawa ranar 31 ga Oktoba, sabis ya fara 1 ga Nuwamba. Kamfanin yana rufe littafinsa ranar 31 ga Disamba.

Daga ina matakai biyar ɗin suka fito, kuma mene ne su?

Daga ƙa'idar IFRS 15 suka fito, wadda IASB, hukumar tsara ƙa'idojin lissafin kuɗi ta ƙasa da ƙasa, ta fitar a watan Mayun 2014 tare da takwararta ta Amurka, FASB, wadda tata ake kira ASC 606. IFRS 15 ta fara aiki a kan shekarun kuɗi da suka soma daga 1 ga Janairu, 2018, ta maye gurbin tsofaffin ƙa'idojin IAS 18 da IAS 11. Da farko ka tabbatar akwai kwangila da mai saye. Na biyu ka fitar da wajiban aiki da ke cikinta, wato alkawuran kaya ko hidima da kowanne ke tsaye da ƙafarsa. Na uku ka ƙayyade farashin ciniki. Na huɗu ka raba farashin a kan wajiban. Na biyar ka rubuta kuɗin shiga a lokacin da ka cika kowane wajibi, ko a hankali yayin da kake cika shi.

Abin da ya haɗa su duka shi ne iko. Kuɗin shiga yana bin ranar da iko da kayan ko amfanin hidimar ya koma hannun mai saye, ba ranar da kuɗi suka shigo banki ba, ba kuma ranar da aka buga takardar neman biya ba.

Tunda an sa hannu kuma an karɓi 270,000, ba a wuce mataki na farko ba ke nan?

A wannan kwangilar an wuce. Sakin layi na 9 na IFRS 15 yana neman abu biyar: ɓangarorin sun amince kuma sun ɗaura niyyar cikawa, an san haƙƙin kowa, an san yadda za a biya, cinikin na gaske ne da zai sauya kuɗin da kamfani ke samu, kuma ana da kyakkyawan zaton mai saye zai biya. Na ƙarshen ne ke ba da wahala idan mai saye yana cikin matsi. Sai dai cika sharuɗɗan nan bai mai da 270,000 kuɗin shiga ba. Ranar 1 ga Satumba kamfani bai ba mai saye komai ba, saboda haka kuɗin suna zama bashin aiki a kansa har ya kawo kaya.

Yaya zan gane wajiban aiki uku ne ba ɗaya ba?

A nan ake yawan tafka kuskure, kuma kuskuren nan yana bin lissafin har ƙarshe. Sakin layi na 27 ya sa gwaji biyu, sai alkawari ya haye duka biyun kafin a ware shi.

Gwajin farko: mai saye zai iya amfana da abin shi kaɗai, ko tare da abin da zai iya samu cikin sauƙi? Injin nan kamfani yana sayar da shi ga wasu ba tare da girkawa ba, kuma akwai injiniyoyi a kasuwa da ke girka irinsa. To mai saye zai iya karɓar inji ya kira wani ya girka masa. Sabis ma haka, ana sayar da shi daban ga waɗanda suka sayi inji tun shekarun baya. Duka ukun sun haye.

Gwaji na biyu ya fi zurfi: a cikin wannan kwangilar, shin abin da aka yi wa mai saye alkawari shi ne abubuwa uku daban-daban, ko kuwa abu ɗaya ne da waɗannan ukun suke kayan haɗa shi? Sakin layi na 29 ya ba da alamu uku. Ko kamfani yana yin babban aikin haɗa abubuwan su zama abu guda. Ko ɗayan yana sauya ɗayan sosai. Ko kuma sun sarƙe da juna har ba za a iya cika ɗaya ba tare da ɗayan ba. Wanda ya ba da kwangilar gina gida ba bulo da siminti da aikin magini ya saya ɗaya-ɗaya ba, gida ya saya. A injinmu kuwa girkawar ita ce a ɗaure shi a ƙasa, a haɗa wuta da iska, a daidaita shi, a gwada. Injin da ya iso ranar 1 ga Oktoba shi ne dai injin da ke aiki ranar 31, ba abin da aka sāke masa. Don haka wajibai uku ne.

Akwai hujjar da nake yawan ji wadda ba ta tsayawa: "ai inji ba ya aiki sai an girka shi, don haka abu ɗaya ne." Dogaron girkawa a kan inji ta gefe ɗaya ne. Kamfani zai iya cika alkawarin kawo inji ko da wani ne zai girka. Abin da ake nema shi ne kowanne yana sauya ɗan'uwansa, ba kawai ɗaya yana buƙatar ɗaya kafin ya yi amfani ba.

Idan kwangilar ta hana mai saye ɗauko wani mai girkawa fa?

Wannan kaɗai ba ya sauya amsa. Ana duba yanayin kayan da na aikin, ba ƙaidin da aka rubuta a takarda ba. Hanin bai mai da girkawa mai sauƙi ta zama aikin sake ƙira ba.

To yaushe girkawa za ta haɗe da inji su zama wajibi ɗaya?

Idan girkawar ta zama ita ce rabin ƙirar. A ce injiniyoyin kamfani za su sake fasalin injin a cikin masana'antar, su rubuta masa manhaja ta musamman, su haɗa shi da sauran layin sarrafa kaya ta yadda abin da mai saye ke jira shi ne layi mai aiki, ba inji a cikin akwati ba. A nan inji da girkawa wajibi ɗaya ne, sabis shi ne na biyu. Rabon da zai faɗa wa haɗin shi ne 720,000, kuma saukar akwati a ƙofar masana'anta ranar 1 ga Oktoba ba zai sa a rubuta kuɗin inji ba. Sai a duba ko wajibin yana cika a hankali bisa sakin layi na 35, in ba haka ba a jira a miƙa layin yana aiki. Idan ƙarshen shekara ya faɗo tsakanin isowar inji da kammala aiki, wannan hukuncin kaɗai zai iya ɗauke dubban ɗaruruwa daga wata shekara zuwa wata. Shi ya sa masu binciken asusu ke karanta bayanin aikin injiniyoyi, ba shafin farashi kawai ba.

Sabis na wata 24 wajibi ɗaya ne ko 24?

Ɗaya. Sakin layi na 22 ya ce jerin hidimomi iri ɗaya da ake bayarwa a kan tsari ɗaya ana ɗaukar su wajibi guda.

Garantin shekara ɗaya da ke zuwa da injin shi ma wajibi ne?

Ya danganta da abin da garantin ke yi. Idan tabbaci ne kawai cewa injin zai yi aiki kamar yadda aka bayyana, in ya zo da aibi daga masana'anta a gyara, ba wajibin aiki ba ne. Ba a ware masa kaso daga 900,000. Ana ƙiyasta kuɗin gyaran da ake tsammani a yi masa tanadi bisa IAS 37, ya shiga cikin kuɗin kashewa. Idan kuwa mai saye yana da zaɓin sayen garantin daban, ko garantin ya ƙunshi hidima fiye da gyaran aibi, kamar zuwa duba inji duk wata da canza kayan da suka cinye, to hidima ce, kuma wajibi ce. Sabis ɗinmu na wata 24 irin wannan ne, ko da an laƙaba masa sunan garanti a takarda.

Farashin ciniki 900,000 ne ko 910,000?

Ranar sa hannu sai an yi hukunci, domin tukuicin 10,000 kuɗi ne mai yiwuwa ya zo, mai yiwuwa kuma kar ya zo. Hanyoyin ƙiyasi biyu ne. Idan sakamakon da ka iya faruwa suna da yawa, a auna kowanne da yiwuwarsa a haɗa. Idan biyu ne kawai, a samu ko a rasa, ya fi dacewa a ɗauki wanda ya fi rinjaye. Tukuicinmu na biyun ne: ko 10,000 ko sifili.

Bayan ƙiyasi akwai takunkumi a sakin layi na 56. Ba a saka kuɗin cikin farashi sai idan akwai yiwuwa mai ƙarfi ƙwarai cewa ba za a dawo a soke wani kaso mai yawa na kuɗin shigar da aka riga aka rubuta ba. A ce gama girkawa a kan lokaci ya rataya a kan mai saye ya gama zuba daɓe da jawo wutar da injin ke bukata, abin da ba ya hannun kamfani. Da ni ne zan bar tukuicin a waje, in fara da 900,000, in ƙara shi ranar 31 ga Oktoba da shakka ta kau. Kamfanin da ya daɗe yana gama irin wannan aikin cikin sati biyu, kuma wurin girkawa a shirye yake, yana da hujjar saka shi tun farko. Ko wanne aka zaɓa, ana sake duba ƙiyasin a ƙarshen kowane zangon rahoto.

Harajin da kamfani ke karɓa a madadin gwamnati, irin su VAT, ba ya shiga farashin ciniki ko kaɗan.

An biya kuɗin sabis tun kafin a yi shi da kusan shekara biyu. Babu batun kuɗin ruwa a ciki?

Tambayar tana kan hanya. Idan tazarar biya da cika aiki tana ba wani ɓangare amfanin bashi mai yawa, sai a ware kuɗin ruwa daga kuɗin shiga. Sassaucin sakin layi na 63 ya yafe wannan idan tazarar ba ta wuce shekara ɗaya ba, amma rabin sabis ɗinmu ya wuce shekara, don haka ba za a fake da shi gaba ɗaya ba. Sai a duba girman abin a kan kwangilar, da dalilin da ya sa aka tsara biyan haka. A nan kuɗin da abin ya shafa ƙalilan ne a kan 900,000, kuma ba don mai saye ya ranta wa kamfani aka yi ba. A lissafin da ke ƙasa na ɗauka babu kuɗin ruwa mai nauyi. Da sabis ɗin na shekara bakwai ne kuma shi ne rabin kwangilar, da ba zan wuce shi da sauri haka ba.

Me ya hana a bi farashin da ke cikin kwangila: 800,000, 100,000, da sifili?

Domin wanda ya rubuta waɗannan lambobin ciniki yake nema, ba auna aiki ba. Kalmar "kyauta" tana daɗaɗa wa mai saye rai, amma injiniyan da zai riƙa zuwa har wata 24 albashi ake biyansa, kuma kuɗin yana ɓoye cikin 900,000. Idan aka bi takarda, kamfani zai nuna dukan kuɗin a 2024, sannan ya shekara biyu yana kashe kuɗin sabis ba tare da kuɗin shiga ko ɗaya a gabansu ba. Ribar shekarar farko ta kumbura, ta biyu da ta uku su rame.

Mataki na huɗu ya ce a raba farashin ciniki gwargwadon farashin da kamfani zai sayar da kowane abu in da shi kaɗai ne, kamar yadda yake ranar ƙulla kwangila. A ce bayanan cinikin kamfani sun nuna yana sayar da injin shi kaɗai 700,000, girkawa 100,000, sabis na wata 24 kuma 200,000. Jimla 1,000,000. Mai saye ya biya 900,000, wato ya sami rangwamen 100,000, kashi 10 cikin ɗari, kuma rangwamen na kowa ne.

| Wajibi | Farashi shi kaɗai | Kaso | Rabonsa daga 900,000 |
|---|---|---|---|
| Inji | 700,000 | 70% | 630,000 |
| Girkawa | 100,000 | 10% | 90,000 |
| Sabis | 200,000 | 20% | 180,000 |

A lura da yadda inji ya sauko daga 800,000 na takarda zuwa 630,000, sabis kuma ya tashi daga sifili zuwa 180,000. Farashin da ke cikin kwangila ko a jadawalin talla zai iya dacewa da farashin abu shi kaɗai, amma ƙa'idar ta hana a ɗauka haka ba tare da an bincika ba. Abin dubawa shi ne nawa aka sayar wa masu saye irin wannan a zahiri, bayan rangwamen da aka saba yi.

A ce kamfani bai taɓa sayar da sabis shi kaɗai ba. Ina zan samo farashinsa?

Ka ƙiyasta, domin rashin farashin da ake gani ba ya ba da izinin rubuta sifili. Sakin layi na 79 ya ambaci hanyoyi uku. Za ka iya duba abin da abokan hamayya ke karɓa a kan irin hidimar ka daidaita shi da yanayin kamfaninka. Za ka iya haɗa abin da hidimar za ta ci ka ɗora ribar da ta dace: idan albashi da kayan gyara da sufuri na wata 24 za su kai 160,000, kuma kamfani yana ɗora kashi 25 cikin ɗari a irin wannan aiki, ka sami 200,000.

Hanya ta uku ita ce ta saura: ka cire farashin abubuwan da ka sani daga jimla, abin da ya rage ya zama na wanda ba ka sani ba. Akantoci suna son ta don sauƙi, amma ƙofarta ƙunci gare ta. Sai idan farashin abin yana bambanta ƙwarai daga mai saye zuwa mai saye, ko kamfani bai taɓa sa masa farashi ba kuma bai taɓa sayar da shi daban ba. A kwangilarmu za ta ba da 900,000 a cire 800,000 na inji da girkawa, saura 100,000, rabin abin da hidimar ta cancanta, ƙasa ma da abin da za ta ci. Idan hanyar saura ta fito da lamba irin wannan, alama ce ta cewa rangwamen kowa aka jibga wa abu ɗaya.

Ba a taɓa ɗora rangwame a kan wasu wajibai a bar wasu ba?

Ana yi, idan akwai shaida a ƙasa. Sakin layi na 82 yana so a ga cewa kamfani ya saba sayar da kowane abu daban, ya kuma saba sayar da wasu daga cikinsu a haɗe da rangwame, kuma rangwamen haɗin daidai yake da na wannan kwangilar ko kusa ƙwarai. A ce kamfani ya saba sayar da inji da girkawa tare a kan 700,000 maimakon 800,000. To ga inda 100,000 ɗin ya fito. Sabis zai riƙe 200,000 cif, a raba 700,000 tsakanin inji da girkawa bakwai da ɗaya: 612,500 da 87,500. Idan babu tarihin ciniki da ke nuna haka, a koma rabon gwargwado.

Tukuicin 10,000 shi ma za a raba shi uku?

Asali haka ne: inji 7,000, girkawa 1,000, sabis 2,000. Amma sakin layi na 85 ya yarda a ɗora shi duka a kan wajibi ɗaya idan sharaɗin biyansa ya shafi ƙoƙarin cika wannan wajibin kai tsaye, kuma sakamakon rabon bai saɓa wa hankali ba idan aka dubi kwangilar duka. Tukuicin nan na saurin girkawa ne. Idan aka ƙara shi a kan 90,000, girkawa ta koma 100,000, daidai farashinta ita kaɗai. Sharuɗɗan biyu sun cika, don haka duka na girkawa ne kuma ana rubuta shi a Oktoba. Da tukuicin 200,000 ne, da sai a yi shakka, domin girkawar 100,000 ba za ta koma 290,000 don an gama da wuri ba. Ana iya zaton wani ɓangare na kuɗin inji ne aka sauya wa suna.

Yanzu yaushe ake rubuta kowane kaso?

Ga kowane wajibi tambayar farko ita ce ko yana cika a hankali. Sakin layi na 35 ya ce haka ne idan ɗaya cikin uku ya tabbata: mai saye yana cin amfanin aikin a daidai lokacin da ake yin sa, ko aikin yana ƙirƙira ko inganta kadarar da ke ƙarƙashin ikon mai saye, ko abin da ake ƙerawa ba shi da wani amfani ga kamfani a wani wuri kuma kamfani yana da haƙƙin a biya shi aikin da ya yi zuwa yanzu. In babu ko ɗaya, lokaci guda ake rubutawa.

Injin na gama-gari ne, ana iya sayar wa wani, don haka lokaci guda ne. Alamun sakin layi na 38 suna nuna ranar: mallaka ta koma, kayan yana hannun mai saye, asarar lalacewa ta koma kansa, kamfani ya cancanci biya, mai saye ya karɓa. Duk sun haɗu ranar 1 ga Oktoba, sai a rubuta 630,000.

Girkawa ana yin ta ne a kan injin da ya riga ya zama na mai saye, don haka tana cika a hankali. Da yake an fara an gama cikin Oktoba, 90,000 da tukuicinta duk a watan suka faɗa. Da shekara ta ƙare ana tsakiyar aiki, sai a auna ci gaba: idan aikin zai ci 60,000 kuma an kashe 36,000, an yi kashi 60 cikin ɗari, a rubuta 54,000.

Sabis ana shan amfaninsa kullum, ko injin ya lalace ko bai lalace ba, domin kamfani a shirye yake a kira shi. Sai a raba 180,000 gida 24, wato 7,500 kowane wata. Idan tarihi ya nuna aikin ya fi yawa nesa ba kusa ba a shekara ta biyu, misali akwai babban gyara a wata na 18, rabon daidai-wa-daida ba zai nuna gaskiya ba, a auna da kuɗin da ake kashewa.

A 2024 ke nan kuɗin shiga 630,000 ne da 90,000 da 10,000 da 15,000 na Nuwamba da Disamba, jimla 745,000. A 2025, 90,000. A 2026, wata goma, 75,000. Haɗe duka 910,000.

Ina bambancin abin da aka nema a biya da abin da aka rubuta yake zuwa?

Yana zama a bayanin kadara da bashi. Ranar 1 ga Satumba bashin aiki 270,000 ne. Ranar 1 ga Oktoba kamfani ya cancanci 530,000, wanda ya zama bashin da yake bin mai saye. Jimlar abin da aka karɓa ko aka cancanta ta kai 800,000, an cika aikin 630,000, bashin aiki ya koma 170,000. Ranar 31 ga Oktoba an cancanci ƙarin 100,000, an cika aikin 90,000, bashin aiki ya zama 180,000. Tukuicin bai taɓa wannan lambar ba, ya shiga kuɗin shiga da bashin da ake bi a lokaci ɗaya.

Wannan 180,000 hanyar gwada lissafi ce mai kyau. Idan an gama komai sai sabis, kuma an nemi dukan kuɗin, dole bashin aiki ya yi daidai da rabon sabis. In bai yi ba, akwai kuskure a baya. Zuwa 31 ga Disamba ya sauko zuwa 165,000, wanda 90,000 daga ciki za a cika cikin wata 12 masu zuwa, 75,000 kuma bayan haka.

Mene ne bambancin kadarar kwangila da bashin da ake bi?

Bashin da ake bi shi ne wanda babu abin da ya rage sai ranar biya ta zo. Kadarar kwangila kuwa kamfani ya yi aiki amma haƙƙin karɓar kuɗin yana jiran wani abu dabam. A ce bayan kafin alƙalami ba za a biya komai ba sai an gama girkawa. Ranar 1 ga Oktoba za a rubuta 630,000 duk da haka, 270,000 su share bashin aiki, sauran 360,000 su zama kadarar kwangila, domin in kamfani bai girka ba ba zai iya neman su ba. Ranar da aka gama girkawa sai su koma bashin da ake bi. Ana duba kwangila a dunƙule, ba a nuna kadara a kan inji da bashi a kan sabis na kwangila ɗaya a lokaci guda.

Idan kamfani ya ƙara farashin sabis a 2025, za a sake rabon?

A'a. Farashin ranar ƙulla kwangila shi ke zama, sakin layi na 88 ya faɗi haka ƙarara.

Idan kuma mai saye ya nemi a ƙara masa shekara ta uku ta sabis?

Wannan gyaran kwangila ne, kuma farashin ƙarin shi ke yanke hukunci. Idan an sayar masa da shekarar a farashin da ake sayar wa kowa, ko da ɗan ragin da ya dace da tsohon abokin ciniki wanda ba a sha wahalar nemo shi ba, sabuwar kwangila ce daban, tsohuwar ta ci gaba da 7,500 a wata har ta ƙare.

Idan farashin ya yi ƙasa da haka sosai, sai a ɗauka tsohuwar ta ƙare an ƙulla sabuwa, tunda watannin da suka rage daban suke da waɗanda suka wuce. A ce ranar 1 ga Nuwamba, 2025 aka amince da ƙarin wata 12 a kan 60,000, alhali shekarar sabis ana sayar da ita 100,000. A ranar saura 90,000 na wata 12 a tsohuwar kwangila. A haɗa da 60,000 ya zama 150,000, a raba kan wata 24 da ke gaba, 6,250 kowane wata. Abin da aka rubuta a watannin baya ba a taɓa shi. Kuɗin shigar 2025 zai sauko daga 90,000 zuwa 87,500, domin wata goma na farko suna kan 7,500, Nuwamba da Disamba kuma suna kan 6,250.